Matar da aka ce in goge daga hoto

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran hoto ne a Zariya, kuma abin da zan ba ku labarinsa ya same ni ne a farkon 2023. Ba zan kama sunan kowa ba, domin masu abin suna raye, wasunsu ma mukan haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa.

An haife ni a cikin birni, ta wajen Ƙofar Gayan, a irin babban gidan nan na gado mai sassa da yawa. Baba maɗinki ne, aikin hannu yake yi a wuyan babbar riga, sana'ar da ya gada wajen kakanmu. Ina ɗan shekara biyar aurensa da mahaifiyata ya mutu. Aka riƙe ni a gida wajen Goggo, yayar Baba, ita kuma mahaifiyata ta koma garinsu ta wajen Ikara, ta yi wani auren. Ina firamare aka aiko cewa ta rasu wajen haihuwa. Abin da na riƙe nata a kaina bai taka kara ya karya ba: wushirya, da wani ɗan tabo kusa da gira, da yadda take karkata kai in za ta yi dariya.

Hotonta ɗaya ne a gidanmu, shi ma ba za a kira shi hotonta ba. Yana cikin akwatin Goggo, ƙarƙashin zannuwa. An ɗauke shi ranar wata Sallah, Baba a zaune, ni a tsaye a gabansu da 'yar hula. Inda ya kamata a ce tana nan, rami ne. Baba ya bi jikinta da reza ya yanke ta tsaf, amma da ya zo kan hannunta sai ya tsaya, domin hannun yana kan kafaɗata, in ya yanke shi zai haɗa da ni. Don haka aka bar mini yatsu huɗu masu lalle da awarwaro biyu. Na girma ina satar buɗe akwatin nan in Goggo ta tafi biki.

Da na gama sakandare na zauna jarrabawar shiga jami'a ban samu gurbi ba, na sake zama ban samu ba. Ɗinki kuwa idona ba ya jure shi. Sai Kawu ya kai ni wajen wani abokinsa mai shagon ɗaukar hoto a Sabon Gari, ba nisa da PZ. Shara na fara da ita, da yankan fasfo, da kai aiki wajen masu wankin hoto. Oga mutum ne mai faɗa amma ba ya rowar ilimi. Shi ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya buɗe mini Photoshop, ya ce in cire ƙurajen fuskar wata amarya ba tare da na mayar da ita roba ba. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe shaguna, ya ba ni aron tsohuwar kwamfutarsa na kawo gida. A watannin nan hannuna ya faɗa. Na tattaro tsofaffin hotunan unguwa, wanda gara ta ci, wanda ruwa ya taɓa, wanda yara suka yage, ina gyarawa kyauta.

A nan ne na ɗauko hoton akwatin Goggo. Na nemi hoton ƙanwar mahaifiyata, wadda kowa ke cewa kamar an tsaga kara, na ɗauki fuskarta na cike ramin. Na daidaita haske, na haɗa hannun da sabuwar kafaɗa, na ƙara wushirya da tabon. Aikin ya yi kyau, wanda bai sani ba ba zai taɓa ganewa ba. Na sa shi a fuskar wayata ina kallo safe da yamma. Bayan 'yan watanni na lura da wani abu da ya tayar mini da hankali. In na rufe ido ina neman fuskar mahaifiyata, ta cikin wayar ce take zuwa. 'Yar kamannin da na riƙe tun ina yaro ta gudu, kuma har yau ba ta dawo ba. Na goge aikin, amma gogewar ba ta mayar mini da komai ba. Tun daga lokacin na san cewa hoton da ake kallo kullum ya fi ƙwaƙwalwar mutum ƙarfi, ko na gaskiya ne ko na haɗi.

Shekarar 2022 ta zo mana da wuya. Malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, kuma duk mai shagon hoto a Zariya ya san ɗalibai ne rabin cinikinsa. Samaru da Kongo suka yi tsit, mu ma muka yi tsit. A cikin wannan halin Baba ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da yake riƙe allura da shi ya daina motsi. Maganin hawan jini, kuɗin gashi, abincin gida, duk suka dawo kaina. Muna cikin lallaɓawa aka shiga canjin kuɗi, aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Mai gashin Baba ba ya karɓar tiransifa, mai Keke Napep ma haka. Sai ka wuni a layi ka dawo hannu rabbana.

Ana cikin haka wani mutum ya shigo shago da hantsi, da farar shadda, shekarunsa za su kusa arba'in. Ya fito da ambulan daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya ce mahaifinsu ya rasu, saura mako biyu a yi sadakar arba'in, kuma wannan ne kaɗai hoton da marigayin ya taɓa yarda aka ɗauke shi da iyalinsa. Yana so a gyara shi, a faɗaɗa, a wanke guda goma sha biyu a sa a firam, kowane ɗa ya samu nasa. Oga ya yanke masa naira dubu sittin, bai ko nemi ragi ba. Ya zaro rabi, sababbin takardu, ya ajiye. Wallahi idona a kan kuɗin nan yake, na riga na raba su a zuciya.

Sai ya ɗora yatsa a kan hoton ya ce, "Samari, wannan matar za ka cire mini."

Hoton inci biyar ne da bakwai, a bayansa an rubuta da biro, Babbar Sallah 2003. Marigayin yana zaune a tsakiya da babbar riga. Uwargida a damansa, wata matashiyar mace a hagunsa da jinjiri a cinya. Yara biyar a tsaye a baya, biyu a zaune a kan darduma. A bayansu labule ne mai zanen furanni irin na shagunan hoto na wancan lokacin. Dogon saurayin da ke baya shi ne mai maganar. Matar da ya nuna ita ce mai jinjirin.

Na ce, "Yallaɓai, yaron fa?"

Ya ce, "Yaron ƙanena ne, jininmu ne, yana gida har yanzu. A bar shi. Uwar ce ba ma so."

Ban tambaye shi dalili ba, shi ya faɗa da kansa. Amarya ce da mahaifinsu ya aura, zaman bai yi daɗi ba, ta jefi mahaifiyarsa da maganganun da ba a faɗa wa mutum, har aka kai ga zaman alƙali. Yaron bai cika shekara uku ba aka rabu. Ya ce Hajiya tana fama da hawan jini, kuma shekara ashirin ke nan hoton yana kife a ƙasan akwati saboda ba ta iya kallon fuskar. Yanzu mijinta ya rasu, tana so ta rataye hotonsa da 'ya'yanta a ɗakinta. Ina so a fahimce ni, mutumin nan ba azzalumi ba ne. Ɗa ne da yake son faranta wa uwarsa, kuma da Hajiyar ce ta zo da kanta tana kuka, ban san me zan ce mata ba.

Na karɓi aikin. Cire mutum daga hoto ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Kusan kullum muna cire wanda ya gifta ta bayan ango, ko yaron da ya leƙo da kai, ko a ware mutum ɗaya daga taro a yi masa fasfo. Da yamma da shago ya yi sauƙi na goge gilashin sikana, na ɗauki hoton a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Dalili shi ne za a ninka girmansa zuwa inci goma da sha huɗu, kuma wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka dole ka ɗauko ninki biyu tun daga farko. Na adana shi a TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage wa hoto inganci, na ajiye wannan fayil ɗin gefe ba na taɓa shi. Duk aikin a kan kwafi ake yi, ka danna Ctrl+J ka samu sabon Layer, in ka ɓata ka koma.

Gyaran launi bai ba ni wahala ba. Tsofaffin hotunan fim sukan koma ja-ja saboda rinin da ke ba da shuɗi-shuɗi a takardar ya fi saurin kodewa, musamman in zafi ya dafa su. Na buɗe Curves, na nemi abin da na tabbata fari ne a zahiri, wato hular marigayin, na daidaita sauran da ita. Nan take shaddarsa ta dawo ruwan sararin samaniya, fatar yaran ta dawo fatar mutane. Na bi ƙananan tsagogi da ɗigon datti da Healing Brush. Har nan aikin daɗi ne.

Daga nan na zagaye matar da Pen Tool, na rufe ta da Layer Mask, na zauna ina kallon abin da ya rage. Mutane suna zaton in ka cire mutum, abin da ke bayansa zai bayyana. Babu komai a bayansa. Kamara ba ta taɓa ganin wurin ba, duk abin da za a sa a ramin kai za ka ƙirƙiro shi. Labulen shi ne mai sauƙi. Da Clone Stamp ake ɗebo zane daga wani gefe a shafa a ramin. Inda ake kama mai gaggawa shi ne maimaici: fure ɗaya mai lanƙwasa iri ɗaya ya fito sau uku a jere, ido kuwa yana saurin ganin haka ko mai kallon bai san me ya dame shi ba. Sai ka riƙa sauya wurin ɗiba, kana bin ninkin labulen daga sama zuwa ƙasa. Akwai kuma tsakin fim, ɗan yashi-yashin nan da ke jikin kowane tsohon hoto. Wurin da aka shafa yakan fito sumul fiye da kewayensa, dole ka mayar masa da tsakin da Add Noise kaɗan-kaɗan har ya saje.

Wahala ta fara ne inda jiki ya haɗu da jiki. Gyalenta ya rufe hannun rigar marigayin na hagu tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Dabarar da aka saba ita ce ka kwafo hannun dama, ka juya shi da Flip Horizontal, ka dasa a hagu. Amma fitilar mai hoton daga gefe ɗaya ta hasko, saboda haka in ka juya hannun, inuwar ninkin rigar ma ta juya, sai ya zama mutum ɗaya rana biyu na haska shi. Dole ka bi kowane ninki da hannu, ka duhunta inda ya yi haske, ka haskaka inda ya yi duhu. Yara biyun da ke tsaye a bayanta kuma daga ƙirji zuwa ƙasa babu su, kanta da ɗankwalinta sun tare. Su ma sai an ɗinka musu riguna daga na 'yan'uwansu. Ga wata yarinya a kan darduma da ta ɗaga kai tana yi wa matar dariya. In matar ta tafi, yarinyar za ta zauna tana yi wa iska dariya har abada. Duk wannan zan iya, aikin kwana biyu ne ko uku.

Jinjirin ne ya tsayar da ni. Yana zaune a cinyarta, hannayenta biyu sun zagaye cikinsa, shi kuma ya damƙe ɗan yatsanta ɗaya da hannunsa. In ka cire ta, yaro yana shawagi a sama da kujera. Hanya biyu ce kawai. Ko a cire shi tare da ita, wanda an ce kada a yi, ko a ɗauke shi a ɗora a cinyar wani. Na kira mai aikin a waya na yi masa bayani. Bai yi jinkiri ba ya ce, "Ka ɗora shi a cinyar Hajiya mana. Ai ita ta raine shi."

Na gwada, don in ga ko zai zauna. Hannayen Hajiya suna kan gwiwoyinta, na yanko su na lanƙwasa da Puppet Warp suka zagaye yaron. Na sa 'yar inuwa a ƙarƙashinsa don ya yi nauyi a kan zanenta. Yatsan da ya damƙe na rage masa tsawo, na sauya launin fatar ya dace da na Hajiya, na goge lallen. Da na ja baya na kalli allon, gabana ya faɗi, domin ya zauna daram. Mutum ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya takwas. Babu wanda zai ce an taɓa yin wata mace a gidan. Kuma cikin firam goma sha biyun nan, ɗaya na wannan jinjirin ne, wanda yanzu saurayi ne ɗan shekara ashirin. Za a miƙa masa hoton da yake riƙe da yatsan uwarsa, an ce masa na wata ne. Zai rataye shi ya riƙa kallo kullum. Na san abin da kallon kullum yake yi.

Ban adana ba, na kashe kwamfutar na tafi gida.

Daren nan bayan na juya Baba na shafa masa man zafi, na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye shi zancen hoton akwatin Goggo. Tun da ciwon ya same shi maganarsa ba ta fita sosai, sai ka kasa kunne. Ya daɗe bai ce komai ba, har na zaci ya yi fushi. Can ya ce, "Zuciya ce." Ya ce fushin bai fi mako guda a ransa ba. Daga baya ya nemi guntun da ya yanke don ya manna, ashe an share shi da shara. Ya ce da labarin rasuwarta ya zo, ya je Tudun Wada neman mai hoton ko yana da fim ɗin, ya tarar shagon ya zama na sayar da takalma. Ban taɓa sanin ya je ba. Na zauna a bakin gadonsa ina jin haushinsa ina jin tausayinsa, ga kuma kwalin maganinsa a kan taga saura ƙwaya huɗu. Kuɗin da zai sayi wani kwalin yana cikin aikin da nake tunanin ƙi.

Ban yi barcin kirki ba. Na yi ta kawo wa kaina hujja. Hoton nasu ne, ba nawa ba. Matar tana raye, in yaron yana son ganin uwarsa ya san hanya, ba kamar ni ba. In na ƙi, shago na gaba zai yi. Duk gaskiya ne. Amma duk ta inda na bi sai in dawo wuri ɗaya: abin da aka ce in yi ya wuce cirewa. Da a gefe take tsaye ita kaɗai, a datse gefen, wataƙila da na yi na karɓi kuɗina. Wannan kuwa sai na ƙera abin da bai faru ba, na sa shi a hannun wanda ba a tambaye shi ba, kuma shi abin ya fi shafa.

Da safe na gaya wa Oga. Ya kalle ni kamar na zare. Ya ce, "Kai ɗan maɗinki ne. Ka taɓa jin babanka ya tambayi mai riga ina za shi da ita?" Na ce ban taɓa ji ba. Ya ce to alƙalanci ba sana'armu ba ce. Na roƙe shi ya bar ni in yi magana da mai aikin, in ya ƙi, a cire asarar a cikin kasona. Ya ce ruwana.

Kafin mutumin ya zo na shirya abu biyu. Na farko, hoton gaba ɗaya, an gyara launi an cire tsaga, kowa yana inda yake. Na biyu, marigayin shi kaɗai daga ƙirji zuwa sama. Wannan sai da na sake ɗaukar wurin a 1200 dpi, domin a takardar bai fi inci ɗaya da rabi a faɗi da inci biyu a tsawo ba. Ko da hakan, na san kada a wuce inci takwas da goma wajen wanki, saboda takardar hoto tana da iyakar abin da ta riƙe, in ka matsa mata fuska sai ta narke. Na sa masa bango mai launi ɗaya, na gyara kafaɗar da gyale ya taɓa. Irin wannan kowa ya gani ya san an ware shi ne daga wani hoton, ba ya yaudarar kowa. Na ƙara da cewa zan iya yi wa Hajiya nata ita da mijinta su biyu, tunda suna kusa da juna, datsewa kawai ake bukata.

Da ya zo na nuna masa, na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ɗora yaron nan a cinyar Hajiya ne ba zan iya ba." Ya tambaya ko aikin ne ya fi ƙarfina. Da na ce e, da an rabu lafiya. Na ce a'a, na gwada ya yiwu, yi ne ba zan yi ba. Fuskarsa ta sauya. Ya ce yaushe aka haife ni da zan koya masa yadda zai tafiyar da gidansu. Na ce ba koya masa nake ba, tambaya ɗaya ce da ni: ƙanen nasa ya san za a yi? Ya ce ba dole ba ne ya sani. Na ba shi labarin hoton gidanmu a taƙaice, ban ja ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya jiƙanta. Amma taka uwar ba ta yi wa kowa abin da wannan ta yi wa tawa ba." Ban da amsar wannan, kuma ban nemi in ƙirƙiro ba.

Ya karɓi na marigayin shi kaɗai, guda goma sha biyu, da na Hajiya da mijinta guda ɗaya. Babban aikin kuwa ya ce a ba shi hotonsa. Kuɗin ya sauko ƙasa da rabi. Da zai fita na roƙe shi abu ɗaya, na ce ko wa zai kai wa, ya ce a yi aikin a kwamfuta, takardar ta asali kada a yanka, kada a jefar, a mayar da ita akwati. Ya sa ambulan a aljihu bai ce mini uffan ba.

Oga ya cire asarar a kasona kamar yadda na ce, bai rage ko sisi ba. Watan nan gashin Baba ya tsaya na wani lokaci, magani kuma bashi na karɓo a wajen mai kemis ɗin unguwarmu. Goggo da ta ji dalili ta ce ni wawa ne, kuma ta faɗa a gaban Baba. Shi bai sa baki ba.

Bayan Sallah wani abokina mai shago a Tudun Wada ya nuna mini wani aiki a wayarsa yana alfahari. Hoton ne. An cire ta, an ɗora yaron a cinyar Hajiya. Aikin bai yi muni ba, sai dai ya manta inuwar kanta a jikin labule, kuma yarinyar darduma tana nan tana dariyarta. Ban gaya masa ya taɓa biyowa ta hannuna ba. Fayil ɗin TIFF na farko kuma yana nan a ajiye wajena. Na sha tunanin in nemi saurayin in ba shi, amma amanar wanda ya kawo ce, ba ni da hurumin kai ta wani wuri. Ban goge ba, ban kuma ba kowa ba.

Yanzu ina da ɗan tebur nawa a cikin shagon, Baba yana takawa da sanda, ɗinki dai ya bar shi. Ina cire mutane daga hoto har gobe. Kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo hoton bikinta ta ce in cire mijin da ya sake ta, tana son kwalliyarta. Su biyu ne a ciki, hoton nata ne, ita za ta kalla. Na cire shi cikin awa ɗaya, na gyara mata mayafin da hannunsa ya danne. Abin da nake tambaya kafin in karɓa shi ne su wa ke cikin hoton, hannun wa zai shiga, kuma akwai wani kwafin ko shi ke nan. In da yaro a jikin wanda za a cire, nakan ce a nemi wani.

Oga bai daina karɓar irin waɗannan ba, kuma ba mu ƙara yin gardama a kai ba. In sun zo sai ya miƙa wa sabon yaron da muka ɗauka bara. Yaron yana da hannu, amma har yanzu inuwa tana ba shi wahala, kuma in ta cije masa teburina yake zuwa. Ranar Talatar da ta wuce ya juyo mini da allonsa, an cire wani dattijo daga tsakiyar 'ya'yansa, ya ce, "Yaya, duba mini, me ya rage?" Na ce masa ya je ya tambayi Oga. Ya tsaya yana kallona, ya ce ai Oga ne ya ce ya tambaye ni.